Auna kundin daftarorin ɗalibi

Auna kundin daftarori hanya ce ta tantance rubutun ɗalibi wadda malami ke duba duk matakan da rubutun ya bi, tun daga daftarin farko har zuwa na ƙarshe, maimakon ya ba da maki a kan tsaftataccen kwafin da aka miƙa masa kaɗai. Kundin yakan ƙunshi insha'i biyu ko uku, kowanne da daftarorinsa masu kwanan wata, da gyare-gyaren malami ko na abokan aji, da kuma ɗan gajeren bayani wanda ɗalibin ya rubuta a kan abin da ya sauya da dalilinsa. Tambayar da mai aunawa ke neman amsarta ita ce: shin tunanin marubucin ya motsa tsakanin daftari da daftari, ko kuwa kwaskwarima kawai aka yi wa abin da ke nan tun farko?

## Asali

Hanyar ta samo tushe ne daga malaman rubutu na Amurka waɗanda suka fara cewa a koyar da rubutu a matsayin aiki mai matakai. Donald Murray ya yi wannan kira a wata gajeriyar maƙala a 1972. A farkon shekarun 1980 Peter Elbow da Pat Belanoff suka sauya jarrabawar ƙwarewar rubutu ta jami'ar Stony Brook da ke jihar New York da kundi, suka kuma bayyana tsarin a wata maƙala a 1986. A tsarinsu ɗalibi yakan kawo rubuce-rubucen da ya yi wa bita, da guda ɗaya da ya rubuta a cikin aji ba tare da bita ba, da takardar bayani a kan yadda ya yi aikin. Malamin da ba shi ya koyar da ɗalibin ba shi ma yakan karanta kundin, kuma hukuncin biyu ne kawai: ya ci ko bai ci ba.

A Nijeriya ƙofar da hanyar ke iya shiga ta ita ce auna fahimta a kai a kai, wadda Manufar Ilimi ta Ƙasa ta 1977 ta tanada, wato makin da ake tarawa a cikin zango kafin jarrabawa. Jarrabawar WAEC da ta NECO ba sa ganin daftari. Insha'in da ɗalibi ya rubuta a zama ɗaya shi ake ba wa maki. Saboda haka duk wanda zai auna bita, a aji zai auna ta.

## Kwaskwarima da gyaran ma'ana

Ginshiƙin hanyar shi ne bambance sauyi iri biyu. Bincike biyu ne aka fi dogara da su a nan.

A 1980 Nancy Sommers ta kwatanta ɗalibai 20 da gogaggun marubuta 20. Ta ga cewa duk mai bita abu huɗu yake yi: ya cire, ya musanya, ya ƙara, ko ya sauya jeri. Bambancin yana wajen inda ake yin su. Ɗalibai sun ɗauki bita a matsayin sauya kalma da wata kalma, da gudun maimaici. Gogaggun kuwa suna bita ne don gano abin da suke son faɗa, suna rushe fasalin rubutun su sake shi.

A 1981 Lester Faigley da Stephen Witte suka tsara ma'aunin da ake amfani da shi har yau. Suka raba sauye-sauye gida biyu. Gida na farko sauyin sama-sama ne, wanda bai taɓa ma'ana ba: gyaran ƙa'idojin rubutu, alamomin tsayawa, ko sake faɗin jimla da wasu kalmomi. Gida na biyu shi ne sauyin da ya kawo sabon bayani ko ya cire wani. Wannan ma sun raba shi biyu, ƙarami da babba, kuma gwajin da suka bayar mai sauƙi ne: idan aka taƙaita rubutun, shin sauyin zai sa taƙaitawar ta canza? In za ta canza, babban sauyi ne.

A rubutun Hausa sauyin sama-sama yana da yawa, kuma yana cin idon mai dubawa. Mayar da "zasu" ya koma "za su", haɗe "ya na" ya koma "yana", sa lanƙwasa a kan ƙ da ɗ da ɓ, duk gyara ne da ya wajaba, sai dai ko sau ɗari aka yi shi a shafi, hujjar marubucin tana nan inda take. Shafin da ya cika da jan biro yakan yi kama da wanda aka sha wahala a kansa, alhali wani lokaci kwafi kawai aka sake.

## Misali daga Bici

Ga misali na kwatanci. A ɗauka malamin Hausa ne a wata babbar sakandare a ƙaramar hukumar Bici ta jihar Kano, ya ba 'yan aji biyu insha'in bayani mai taken "Abin da ke sa manomin tumatir asara". Take ne da yaran suka san shi a gida, domin kayan gwari na cikin abin da ake hadahadarsa a kasuwar Badume. Ya ce a yi daftari uku a cikin mako uku, a bar su duka a littafi ɗaya, kada a yage ko shafi guda. Ya ware maki 20: takwas na ingancin daftarin ƙarshe, takwas na bita, huɗu na bayanin ɗalibi.

Ɗalibi na farko yana da kyan rubutun hannu. Daftarinsa na farko sakin layi huɗu ne: gabatarwa, tsadar taki, ƙwari, kammalawa. Ya buɗe da cewa:

"Noman tumatir sana'a ce mai muhimmanci a ƙasarmu, amma manoma suna fuskantar matsaloli da dama kamar tsadar taki da ƙwari."

A gefen shafin malamin ya rubuta tambaya: "Wanne ya fi cin manomi a garinku, kuma yaya ka sani?" A daftari na biyu ɗalibin ya gyara rabon kalmomi a wuri 14, ya mayar da "matsaloli" ta koma "ƙalubale", ya ƙara karin magana a kammalawa. A na uku ya sake kwafe shi tsaf, babu kuskure ko ɗaya. Idan aka taƙaita daftarin farko za a ce: taki ya yi tsada, ƙwari na ɓarna, gwamnati ta taimaka. Idan aka taƙaita na uku, abin da za a ce ke nan. Tambayar malamin ba ta samu amsa ba.

Ɗaliba ta biyu daftarinta na farko ya fi nasa rauni. Sakin layi biyu ne dogaye, jimloli na bin juna da "kuma", sannan ta jero matsala shida ba tare da ta tsaya a kan ko ɗaya ba. Tambaya iri ɗaya malamin ya yi mata. A daftari na biyu sai ga shi ta soke matsala huɗu da layi, ta zana kibiya ta ɗauko jimlar da ke can ƙasa ta kai ta sama, ta kuma rubuta sabon sakin layi a gefen shafi da ƙananan haruffa. Ga yadda ta buɗe daftari na uku:

"Babbar asarar manomin tumatir ba a gona take ba, a kasuwa take. Kowa yana ɗiba a lokaci guda, kwanduna su cika kasuwa, tumatir kuma ba ya jira. Wanda bai sayar yau ba, jibi sai ya sayar yadda dillali ya ce, ko ya yanka ya shanya."

Daga nan ta kawo abin da ta ji daga bakin kawunta a kan kuɗin kwando da kuɗin mota, ta kuma ƙara sakin layin da ya yarda cewa shekarar da tsutsa ta faɗa wa gona, ƙwari ne ke kan gaba. Har yanzu akwai kurakuran ƙa'idojin rubutu guda tara a daftarinta na ƙarshe, kammalawarta kuma ta zo a gurguje.

Idan daftarin ƙarshe kaɗai aka duba, na farko ne a gaba, ko kuma su yi kusan kunnen doki. Da kundi kuwa lissafin yakan fito kamar haka. Na farko ya samu 6 cikin 8 a ingancin daftarin ƙarshe, domin ya tsaftata amma bai faɗi wani abu na kansa ba. A bita ya samu 2, a bayani 1, tun da abin da ya rubuta shi ne "na gyara kurakuraina". Jimla 9. Ta biyu ta samu 5 a inganci saboda kurakurai da raunin kammalawa. A bita ta samu 7, domin taƙaitawar rubutunta ta canza gaba ɗaya: daga jerin matsaloli ta koma hujja guda mai dalili. A bayani ta samu 3, domin ta rubuta cewa ta cire maganar taki ne "saboda kowane manomi na kuka da shi, ba na tumatir kaɗai ba". Jimla 15.

Wannan jimla tata ta ƙarshe ita ce shaida mafi ƙarfi a kundin. Ta nuna cewa cirewar ba haɗari ba ce, ta san abin da take nema ta ga abin da bai shiga ba.

## Yadda ake karanta kundi

Jerin karatun yana da tasiri a kan makin. Liz Hamp-Lyons da William Condon, waɗanda suka yi aiki da kundi a jami'ar Michigan, sun lura cewa masu karatu kan yanke hukunci da wuri, tun a shafukan farko, sauran karatun kuma ya zama neman abin da zai tabbatar da hukuncin. Malamin da ya fara da tsaftataccen kwafi zai iya shiga wannan tarko, kyan rubutun hannu ya riga ya saye shi kafin ya ga daftari.

Saboda haka ya fi kyau a fara da bayanin ɗalibi, a ɗauke shi a matsayin da'awa da ke jiran shaida. Sai a karanta daftarin farko, a rubuta taƙaitawarsa a jimla ɗaya. Sai a tsallaka zuwa na ƙarshe a yi masa haka. Idan jimlolin biyu sun bambanta, a koma daftarin tsakiya a nemo inda juyin ya faru da abin da ya jawo shi. Idan ba su bambanta ba, a duba ko akwai ƙananan sauye-sauyen ma'ana, kamar misalin da aka ƙara ko dalilin da aka ƙarfafa, domin su ma suna da maki. Ƙa'idojin rubutu su ne na ƙarshe, kuma a daftarin ƙarshe kaɗai ake hukunta su.

Ci gaba kuwa ba a cikin insha'i ɗaya ake ganinsa ba. Ana ganinsa ne idan aka ajiye daftarin farko na insha'in farkon zango kusa da daftarin farko na insha'in ƙarshen zango. Ɗalibar misalin nan, idan a insha'inta na gaba ta fara da hujja guda tun a daftarin farko, ba tare da an tambaye ta ba, to ta koyi abin. Idan ta sake jero matsala shida tana jiran tambayar malami, to gyaran da ta yi a baya na wannan insha'in ne kawai.

## Inda hanyar ke tuntuɓe

Matsala ta farko ita ce ɗaukar yawan sauyi a matsayin inganci. Faigley da Witte kansu sun ga cewa gogaggun marubuta ba su ne suka fi yawan sauye-sauye ba, wasunsu ma kaɗan suka taɓa, domin sun gama bitarsu a ka kafin su sa biro a takarda. Ɗalibin da daftarinsa na farko ya riga ya tsayu zai cutu idan ma'aunin ƙirga sauyi ne. Akwai kuma wanda zai rushe rubutu mai kyau ya mayar da shi baya don kawai a ga ya yi bita. Abin da ya kamata a tambaya shi ne ko sauyin ya magance wata matsala ta gaske da ke cikin daftarin. Ga ɗalibi mai ƙarfi, mafita ita ce malami ya yi masa tambaya mai wuya daidai ƙarfinsa, kamar ya amsa hujjar wanda bai yarda da shi ba, sannan a karɓi bayanin da ya kare barin wani sashe yadda yake, in dalilin ya riƙu.

Ta biyu ita ce daftarin ƙarya. Da zarar ɗalibai sun gane cewa bita na da maki, wasu kan rubuta na ƙarshe tukuna, ko su kwafo shi, sannan su koma baya su ƙirƙiro "daftarin farko" ta hanyar lalata shi. Ana gane wannan da alamomi. Daftarin ƙarya yakan kasance da fasali iri ɗaya da na ƙarshe, sai dai an cire wasu jimloli an kuma watsa kurakurai. Ba a samun hanyar da aka bi aka fasa a cikinsa, alhali daftarin gaskiya kusan kullum yana da abin da aka fara aka watsar. Biro ɗaya ne, hannu ɗaya, babu alamar an tashi an dawo. Kurakuran ma ba irin waɗanda ɗalibin ya saba yi ba ne. Maganin da ya fi sauƙi shi ne a rubuta daftarin farko a cikin aji, malami ya sa hannu da kwanan wata a ƙasan layin ƙarshe, sannan ya tsayar da ɗalibi na minti biyu ya tambaye shi dalilin sauyi guda. A nan rubutun hannu a littafi ɗaya, wanda shi ne abin da aka saba a makarantun karkara irin na Bici, ya fi na'ura riƙe shaida, domin duk abin da aka soke yana nan ana ganinsa. Sai dai dole a hana gogewa da yage shafi, kuma wannan na buƙatar bayani, domin yaron da ya taso da allo ya saba cewa idan karatu ya zauna wankewa ake yi a rubuta sabo, makarantar boko kuma ta koya masa cewa shafi mai soke-soke abin kunya ne.

Ta uku ta fi wuyar gani: hannun malami. Idan malami ya soke jimla ya rubuta wata a samanta, ɗalibi kuma ya kwafe, to bitar malam ce ake ba wa maki. Haka idan yaya ko mai koyarwa na gida ne ya gyara. Shi ya sa gyaran da ke gefen daftarin farko ya kamata ya zama tambaya, kamar wadda ke cikin misalin, ba amsa ba. A wajen ba da maki kuma, sauyin da ɗalibi ya yi inda babu jan biro ya fi nauyi a kan wanda aka nuna masa da yatsa.

Bayanin ɗalibi ma yana iya zama wasan kwaikwayo. Yara kan gano abin da malami ke son ji, su rubuta cewa sun "ƙaru ƙwarai". Edward White ya ba da shawara a 2005 cewa a dogara da wannan bayani wajen ba da maki, amma bisa sharaɗin ya zama hujja da ke nuni zuwa shaida a cikin kundin. A aikace wannan na nufin duk da'awa ta zo da lambar shafi da sakin layi.

## Saɓanin masu ba da maki

Kundi ya fi jarrabawar zama ɗaya nuna abin da ɗalibi zai iya, amma ya fi ta wuyar samun daidaito tsakanin masu dubawa. Jihar Vermont ta Amurka ta gwada shi a duk faɗin jihar a farkon shekarun 1990, ga 'yan aji huɗu da aji takwas, a rubutu da lissafi. Binciken da cibiyar RAND ta yi ƙarƙashin Daniel Koretz ya nuna a 1992 cewa masu ba da maki na saɓawa sosai a kan kundi ɗaya, har makin bai isa a dogara da shi wajen hukunta ɗalibi guda ba. A jihar Kentucky, wadda ta shigar da kundin rubutu bayan dokar gyaran ilimi ta 1990, sake dubawa ya nuna cewa malamai da yawa sun ba ɗalibansu maki fiye da yadda masu duba na waje suka bayar.

A matakin makaranta ana rage wannan da zama ɗaya kafin a fara. Malamai biyu ko uku su ɗauki kundi biyar, kowa ya ba da makinsa a ɓoye, sannan a kwatanta. Inda tazara ta wuce maki biyu cikin ashirin, sai a buɗe shafin a yi magana har a daidaita a kan abin da ake kira babban sauyi. Waɗannan kundaye biyar su ne ma'aunin sauran.

## Nauyin aiki

A aji mai ɗalibai 80, insha'i uku masu daftari uku-uku takarda 720 ke nan. Ko minti uku aka ba kowace, awa 36 ce, kuma malamin da ke da aji huɗu ko biyar ba shi da ita. Saboda haka masu amfani da hanyar a manyan azuzuwa kan rage ta. Ɗalibi ya ajiye komai, amma ya zaɓi insha'i ɗaya da za a auna, ya ja layi a ƙarƙashin wurare uku da ya fi sauyawa, ya sa musu lamba. Malami ya karanta daftarin farko da na ƙarshe na wannan insha'in kaɗai, takarda 160, kimanin awa 8. Daftarin tsakiya abokan aji ne ke karanta shi biyu-biyu, da tambaya guda a allo: "Faɗa wa mai rubutun, a jimla ɗaya, abin da ka fahimci yana son cewa." Sauran insha'in biyu ana buɗe su ne idan an yi shakkar sahihancin aikin, ko idan makin ɗalibi ya tsaya a kan iyakar ci da faɗuwa.